Kuɗi a hannu da kuɗin da aka ci guminsu: hanyoyi biyu na rubuta lissafin kasuwanci

Hanyoyi biyu ne ake bi wajen rubuta cinikin kasuwanci da kashe-kashensa, kuma abin da ya raba su shi ne lokacin da ake shigar da abu cikin littafi. Hanya ta farko ita ce tsarin tsabar kuɗi: ranar da kuɗi suka shigo aljihu ko asusun banki ake rubuta su a matsayin ciniki, ranar da suka fita kuma ake rubuta su a matsayin kashewa. Hanya ta biyu ita ce tsarin haƙƙi, wanda akantoci ke kira akuruwal. A wannan tsari ana rubuta ciniki ne a lokacin da mai sayarwa ya cika alkawarinsa ga mai saye, ko an biya shi ko ba a biya ba. Haka nan ana rubuta kashewa a lokacin da aka ci moriyar abin, ko da biyan ya riga ya gabata ko kuma yana nan tafe.

Ga mai shayi ko mai sayar da tumatir a bakin kasuwa, hanyoyin biyu kusan amsa ɗaya suke bayarwa, domin kaya da kuɗi suna musayar hannu ne a lokaci guda. Bambancin yana bayyana ne da zarar bashi, ko kafin alƙalami, ko kayan da aka ajiye a sito sun shiga cikin harka. Tela da ya karɓi kuɗin ɗinki daga mutum talatin ana saura wata guda Sallah yana da kuɗi cike da aljihu, amma bai ci gumin ko sisi ba tukuna. Idan kekensa ya lalace, ko rashin lafiya ya kwantar da shi, masu kaya za su zo karɓar yadinsu da kuɗinsu, kuma suna da gaskiya.

Wata guda a wurin aikin kafinta

Misali da alƙaluma zai fi fito da bambancin. A ɗauka akwai wani ƙaramin kamfanin kafinta da ke yin tebura da bencina, ana son sanin ribar da ya samu a watan Disamba. Abubuwa shida ne suka faru a watan.

Ta ɓangaren abokan ciniki, wata makaranta ta ba da odar benci 100 a kan naira miliyan 6, ta biya kafin alƙalami na naira miliyan 3, za a kai mata kayan a Janairu. Wani ofis kuma an kai masa tebura 50 na naira miliyan 4, ya duba ya karɓa, amma sai Fabrairu zai biya. Sai wani tsohon abokin ciniki da aka sayar wa kaya tun Oktoba, ya zo ya biya bashinsa na naira miliyan 1.5.

Ta ɓangaren kashewa, an biya hayar wurin aiki ta shekara guda a ranar 1 ga wata, naira miliyan 1.2. An sayi katakon aikin makarantar na naira miliyan 2.2, an jibge shi ba a taɓa ba. An biya ma'aikatan da suka haɗa teburan ofis naira 800,000. Akwai kuma abubuwa biyu da kuɗinsu ba su motsa a watan ba: katakon da aka yi teburan ofis da shi tun Nuwamba aka saye shi a kan naira miliyan 2, sannan takardar kuɗin wutar Disamba ta naira 150,000 sai Janairu za a biya.

A tsarin tsabar kuɗi lissafin mai sauƙi ne. Abin da ya shigo shi ne miliyan 3 na makaranta da miliyan 1.5 na tsohon bashi, jimilla miliyan 4.5. Abin da ya fita shi ne haya da katako da ladan ma'aikata, jimilla miliyan 4.2. Ragowar naira 300,000 ita ce za a kira ribar wata.

A tsarin haƙƙi kusan kowane layi sai ya sauya. Kuɗin makaranta ba sa shiga ciniki, tunda ko benci ɗaya ba a kai ba. Miliyan 1.5 na tsohon bashi ma ba sa shiga, domin an riga an ƙidaya su a cinikin Oktoba. Biyan da aka yi yanzu bashi ne kawai ya koma tsabar kuɗi. Cinikin Disamba na gaskiya shi ne teburan ofis, naira miliyan 4, duk da ba a ga ko kwabo daga ciki ba. Daga nan sai a nemo abin da aka kashe don samar da wannan ciniki: katakon Nuwamba miliyan 2, ladan ma'aikata 800,000, hayar wata guda kaɗai wato 100,000, da kuɗin wuta 150,000. Jimilla naira 3,050,000. Ribar Disamba ta zama naira 950,000.

Wata ɗaya, kamfani ɗaya, amsa biyu, kuma babu wadda aka yi ƙarya a cikinta. Ta farko tana faɗin yadda kuɗin asusu suka ƙaru. Ta biyu tana faɗin ko aikin da aka yi a watan ya biya kansa. Abin lura shi ne naira 300,000 ɗin nan haɗuwar abubuwa ce da ba su da alaƙa da juna: cinikin Oktoba, aikin Janairu, da hayar da za ta kai Nuwamban baɗi. Da makarantar ta jinkirta kafin alƙalaminta da mako biyu, da tsarin tsabar kuɗi ya nuna asarar naira miliyan 2.7, alhali babu abin da ya canza a aikin da kafintocin suka yi.

Abubuwan da aka cire daga lissafin riba ba ɓacewa suke yi ba. Suna komawa takardar da ke nuna dukiyar kamfani da bashin da ke kansa. Miliyan 4 na ofis suna zama bashin da kamfani ke bi, wato dukiya. Katakon miliyan 2.2 dukiya ne a sito. Hayar wata 11 da ta rage, naira miliyan 1.1, ita ma dukiya ce, domin an riga an sayi damar zama a wurin. A ɗaya gefen, kuɗin wuta bashi ne da ake bin kamfani. Haka ma miliyan 3 na makaranta, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: kafin alƙalami ana rubuta shi ne a jerin bashin da ke kan kamfani, har sai an kai kaya. Bashi ne da za a biya da bencina, ko kuma a mayar da kuɗi idan aikin ya gagara.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka ita ce a haɗa kowane ciniki da abin da aka kashe wajen samar da shi a cikin lokaci ɗaya. Ita ce kuma ta sa ba a ɗora kuɗin babban inji a kan watan da aka saye shi. Injin yankan katako na naira miliyan 6 da ake sa ran zai yi shekara 5 yana aiki, ana raba kuɗinsa ne a kan watanni 60, kowane wata ya ɗauki naira 100,000.

Yaushe ciniki ya tabbata

A misalin kafinta amsar a fili take: ranar da aka sauke tebura, mai saye ya karɓa. A wasu harkokin amsar ba ta zo da sauƙi haka, shi ya sa aka yi mata ƙa'ida ta musamman. A watan Mayun 2014 hukumar tsara ƙa'idojin akanta ta duniya da ke Landan, tare da takwararta ta Amurka, suka fitar da ƙa'ida ta bai-ɗaya kan kuɗin shiga. Ta ƙasa da ƙasa ita ce IFRS 15, wadda ta fara aiki daga 1 ga Janairun 2018. Ta shafi Nijeriya kai tsaye, domin tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta ƙasar suka koma rubuta lissafinsu bisa ƙa'idojin IFRS.

Jigon ƙa'idar shi ne mallakar iko. Ciniki yana tabbata ne a lokacin da iko da kayan ko hidimar ya koma hannun mai saye, wato ya zama shi ke da damar amfani da abin da cin moriyarsa. Alamomin haka sun haɗa da kayan sun isa hannunsa, ya amince da su, mallaka ta koma sunansa, asarar kayan idan sun lalace ta koma wuyansa, kuma biya ya wajaba a kansa. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniya, ko ranar da aka rubuta rasit, ko ranar da alat ya shigo waya, babu ɗayansu da ke yanke hukunci shi kaɗai.

Wasu alkawuran ana cika su ne a lokaci guda, kamar miƙa buhun taki. Wasu kuwa a hankali ake cika su. Makarantar kuɗi da ta karɓi kuɗin zango na wata uku a makon farko tana cin gumin kuɗin ne mako bayan mako yayin da ake koyarwa. Kamfanin sadarwa da ya sayar da katin waya bai yi ciniki ba sai mai katin ya yi kira ko ya ƙona data. Kafin nan kuɗin suna zaune a littafinsa a matsayin alkawarin da ba a cika ba. Kamfanin jirgin sama ma haka yake da tikitin da aka saya yau don tafiyar wata mai zuwa. Ɗan kwangilar da ke gina asibiti a filin mai aiki na tsawon shekara biyu yana rubuta cinikinsa ne gwargwadon ci gaban aiki, kuma sau da yawa ana auna wannan da abin da aka kashe zuwa yanzu idan aka kwatanta da abin da ake hasashen dukan aikin zai ci.

Inda abin ya fi ɗaukar hankali shi ne idan an haɗa alkawari fiye da ɗaya a farashi ɗaya. Ƙa'idar ta shimfiɗa matakai biyar: a tabbatar akwai yarjejeniya ta gaskiya da mai saye, a fitar da kowane alkawari da ke cikinta daban, a tantance jimillar farashi, a raba farashin a kan alkawuran, sannan a rubuta kason kowanne idan an cika shi.

A ɗauka mai sayar da kayan sola ya yi ciniki da wani asibiti a kan naira miliyan 2.7, an biya shi duka nan take. Cikin wannan kuɗi akwai kayan da kafa su, akwai kuma zuwa duba su kowane wata na tsawon shekara. Alkawari biyu ke nan. Da a ware yake sayarwa, kayan da kafawa naira miliyan 2.4 ne, kulawar shekara kuma naira 600,000, jimilla miliyan 3. Ke nan kayan suna da kashi 80 cikin 100 na ƙimar cinikin, kulawa tana da kashi 20. Da wannan ma'auni ake raba miliyan 2.7 ɗin: naira 2,160,000 ga kayan, naira 540,000 ga kulawa. Ranar da aka kafa sola, asibiti ya karɓa, sai a rubuta 2,160,000 a ciniki. Ragowar tana shiga ne kaɗan-kaɗan, naira 45,000 kowane wata har wata 12. Ko da mai sayarwa ya tallata cewa kulawar kyauta ce, lissafi ba ya ɗaukarta kyauta, domin alkawari ne da zai ci masa mai da lokacin ma'aikaci, kuma mai saye ya saka shi cikin abin da ya biya.

Akwai kuma kuɗin da ke ratsa hannun mutum amma ba za su taɓa zama cinikinsa ba. Mai POS da naira miliyan 2 suka bi ta na'urarsa a yini, kuɗin shigarsa cajin da ya karɓa ne kawai. Dillalin da ya sayar da sa a kara, la'adarsa ce cinikinsa, kuɗin san na mai shi ne. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da kanti ke ɗorawa a kan kaya a Nijeriya shi ma ajiyar gwamnati ne a hannun mai kanti. Tambayar da ake yi a nan ita ce ko kayan sun taɓa zama a ƙarƙashin ikon mutumin kafin su isa ga mai saye. Idan ba su zama ba, wakili ne, ladansa kaɗai zai rubuta. Da wannan ma'auni ne kamfanin da ya ba wa wani kanti kaya a kan sharaɗin "abin da ka sayar ka biya, abin da ya rage ka dawo da shi" ba ya rubuta ciniki ranar da mota ta sauke kaya, sai kantin ya sayar.

Rauni da wuraren maguɗi

Tsarin haƙƙi yana da farashinsa. Na farko, riba a takarda ba ta biyan albashi. Kafintan misalin da ya gabata ya ci ribar naira 950,000, amma idan ofishin ya ja biyan miliyan 4 har bayan Fabrairu, kafin alƙalamin makaranta ne zai riƙa ci yana tafiyar da aiki, wanda kuwa kuɗin wani aiki ne daban. Kamfani yana iya nuna riba shekara da shekaru sannan ya durƙushe saboda babu kuɗin biyan masu binsa bashi. Wannan ne dalilin da ya sa cikakken rahoton kamfani yake ɗauke da takarda ta musamman da ke nuna shige da ficen tsabar kuɗi, kusa da takardar riba.

Na biyu, ba kowane bashi ake biya ba. Tunda an rubuta ciniki kafin a ga kuɗi, dole a yi ƙiyasin abin da ba zai dawo ba a cire shi daga riba tun da wuri. Ɗan kasuwar da ke bin mutane naira miliyan 10, wanda kuma ya saba ganin kusan kashi 5 cikin 100 na irin wannan bashi yana nutsewa, zai ware naira 500,000 a matsayin asarar da ake tsammani. Idan kuwa tun farko ba a sa ran mai sayen zai biya, ƙa'idar ba ta yarda a rubuta cinikin ba sam, domin matakin farko bai cika ba.

Na uku, kuma shi ne mafi haɗari, tsarin ya dogara da hukuncin mutum: yaushe aka kai kaya, kashi nawa na gini aka kammala, bashi nawa zai nutse. Duk inda aka bar wa mutum hukunci, akwai ƙofar son zuciya. Dabarun sanannu ne. Ana jawo cinikin Janairu a rubuta shi a Disamba. Ana tura wa dilolin kamfani kayan da suka fi ƙarfinsu gab da rufe shekara, da fahimtar cewa za su dawo da su daga baya. Ana rubuta takardar biya alhali kayan suna sito ba wanda ya nemi a ajiye masa. A watan Satumban 2014 babban kamfanin kantuna na Birtaniya, Tesco, ya sanar cewa ya zuzuta hasashen ribarsa ta rabin shekara da kusan fam miliyan 250, saboda an rubuta kuɗin da ake sa ran samu daga masu kawo masa kaya kafin lokacinsu, an kuma jinkirta rubuta wasu kashe-kashe.

Mai duba lissafi yana da hanyoyin gano irin wannan. Babbar alama ita ce bashin da kamfani ke bi ya riƙa girma fiye da cinikinsa. Ana raba bashin da cinikin shekara, a ninka da 365, sai a sami matsakaicin kwanakin da abokan ciniki ke ɗauka kafin su biya. Kamfanin da ya yi cinikin naira miliyan 120 yana bin miliyan 15, kwana 46 ke nan. Idan baɗi ciniki ya kai miliyan 130 amma bashi ya haura miliyan 40, kwanakin sun zama 112, kuma dole a tambayi dalili: ko dai masu saye sun daina biya, ko kuma wani ɓangare na cinikin bai tabbata ba tun farko. Sauran alamomin su ne ciniki ya yi tsalle a makon ƙarshe na shekara, kayan da ake dawowa da su su yi yawa a farkon sabuwar shekara, ko riba ta yi ta hawa alhali tsabar kuɗin da harkar ke samarwa suna tsaye. Shi ya sa masu binciken lissafi kan ɗauki takardun ciniki na kwanakin da ke gab da rufe shekara da na bayanta, su gwada ranar kowacce da ranar da takardar kai kaya ta nuna.

Tsarin tsabar kuɗi ma bai tsira ba, hasali ma murɗa shi ya fi sauƙi. Wanda ke son watansa ya yi kyau sai kawai ya ƙi biyan masu binsa har wata ya kama. A lissafin gwamnati wannan rauni ya fi fitowa: kwangilar da aka kammala ba a biya ba, da fanshon da ya taru, ba sa bayyana a matsayin kashewa muddin kuɗi ba su fita ba. Yana daga cikin dalilan da suka sa Nijeriya ta ɗauki ƙa'idojin lissafin gwamnati na duniya, IPSAS, ta fara da na tsabar kuɗi a 2014, sannan ta tsayar da 2016 don komawa tsarin haƙƙi.

Wane tsari ya dace da wa

Kamfanonin da ke fitar da rahoton kuɗi bisa ƙa'idojin IFRS ba su da zaɓi, tsarin haƙƙi ne wajibi a kansu. A Nijar, Chadi, Kamaru da sauran ƙasashen ƙungiyar OHADA, tsarin lissafi na bai-ɗaya shi ma a kan haƙƙi aka gina shi, sai dai an ware wa ƙananan 'yan kasuwa da cinikinsu bai kai wani mataki ba sassauƙan tsari da ya dogara da shige da ficen kuɗi.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa da doka ba ta tilasta masa ba, yanayin harkarsa ne ke yanke hukunci. Wanda ke saye da sayarwa hannu da hannu, ba ya tara kaya masu yawa, littafin shiga da fita ya wadatar da shi. Wanda ke ba da bashi, ko karɓar kafin alƙalami, ko biyan hayar shekara, ko ajiye hatsi daga kaka zuwa bazara, littafin tsabar kuɗi shi kaɗai zai riƙa nuna masa riba a watan da bai yi ba da asara a watan da ya ci. Irin wannan ba lallai sai ya ɗauki akanta ba. Yana iya ci gaba da littafinsa na kullum, a ƙarshen wata ya yi gyara huɗu: ya ƙara cinikin da ya yi ba a biya shi ba tare da cire tsohon bashin da aka biya shi a watan, ya cire kafin alƙalamin da bai yi aikinsa ba, ya ƙara kashe-kashen watan da bai biya ba, sannan ya cire kuɗin da ya biya na kaya ko hayar da bai ci moriyarsu ba tukuna, ya maye gurbinsu da ƙimar abin da ya yi amfani da shi a watan.